Ajiyar Nomau

An haifi Nomau a Gidimuni ana tsakiyar noman gero, don haka sunan ya bi shi, na yankan kuma ya ɓace tun kafin a yaye shi. Sai dai bai zama manomin gero ba. Tun yana saurayi ya koma kwari, inda garake, wato lambuna, suke a gefen tafki, ya zama mai hawan dabino. Gajere ne, mai faɗin tafin ƙafa, maganarsa ba yawa. Mutanen garin kan tsokane shi cewa ya fi sakewa a sama, domin a can ba wanda zai tsare shi da gaisuwa.

Aikinsa iri biyu ne. In dabino ya nuna, ya hau ya yanko nono, wato curin 'ya'yan, ya zuro da igiya. In kuma lokacin fure ne, ya yanko furen namiji, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana cusa shi cikin furensu yana ɗaurewa, aikin da shi yake kira aurar da dabino. Wannan aiki ba ya jira. In furen mace ya tsage aka bar shi 'yan kwanaki, 'ya'yan shekarar sun tafi ke nan. Shi ya sa a kwarin, duk wanda ya iya hawa, in ya ga furen maƙwabci ya buɗe ba mai hawa, sai ya hau kawai. Ba a neman izini, ba a kuma maganar lada.

Mahaifinsa, Malam Bashir, yana da garka ƙarama. Amma dukiyar gidan ba a cikinta take ba. A kwarin, dabino na wanda ya dasa ne ko da ƙasar ta wani ce, kuma Malam Bashir da ubansa sun dasa a wurare da yawa tun ana ba da aron ƙasa da baki. Masu garaken ke kula da itatuwan, in an yanka su kai masa rabonsa har gida. Ba alama a jikin ko ɗaya. A gidan shi kaɗai ya san su, kuma ya ce ba zai nuna ba sai ranar da ya ajiye aiki, ya zaga da magajinsa gindi-gindi a gaban masu garaken, yadda ubansa ya yi masa. Nomau ne namijin da ya rayu a 'ya'yansa. Abin dariya, ba dabinon da bai hau ba a kwarin nan, amma bai san wane ne nasu ba. Bai taɓa tambaya ba, domin tambayar ta yi kama da ƙosawa da ran tsoho.

In an yi yanka, Nomau ne ke kai kaya Damagaram. Yakan sauka a unguwar Zango, gidan Alhaji Abba, wanda kakanninsa fatomomi ne, masu saukar da fatake tun zamanin ayari. Ayarin ya ƙare da daɗewa, amma gidan bai bar ɗabi'arsa ba. Baƙo in ya sauka, kafin ya sha ruwa zai miƙa wa maigida duk abin da yake tsoron ɓatansa. Maigida ya shige da shi ciki, ba a ƙirga ba, ba a kira shaida ba. Ba a tambayar ajiya sai ranar tafiya. Wanda ya tambaya kafin nan ya nuna bai yarda da gidan ba, kuma za a ba shi kayansa, amma ba zai sake samun tabarma a zauren ba. In kuma baƙo yana da wata buƙata mai nauyi wurin maigida, ba ya tunkararsa gaba da gaba sau biyu. Sai ya nemi wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa, ya kama ƙafa da shi. Nomau ya ga wannan tsari ya yi masa daidai, ya ɗauka haka duniya take ko'ina.

Yana da mata ɗaya, Kaltuma, da 'ya'ya mata, lokacin da ruwan kwarin ya yi ƙasa shekara biyu a jere, dabino ya yi rowa. A zauren Alhaji Abba ya ji cewa wani ajans, kamfanin kai ma'aikata waje, a Yamai yana neman masu hawan dabino zuwa Saudiyya. Ya yi fasfo, ya dangwala yatsa a kwantaragin shekara biyu. Malam Bashir a lokacin garau yake, yana iya hango akuya a cikin rogon wani daga bakin hanya. Ya sa masa albarka, ya ce itatuwa suna nan ba inda za su.

An kai shi wata gonar dabino a yankin Ƙasim, nesa da gari. Mai gonar, Abu Salih, shi ne kafilinsa, wato mutumin da aka yi masa biza da sunansa, wanda zamansa a ƙasar ya rataya a kansa. Ranar da ya iso, kafin a nuna masa ɗakin kwana, Nomau ya ciro fasfo daga aljihun ciki ya miƙa masa da hannu biyu. Abu Salih da ma zai karɓa, amma bai saba a riga shi ba. Ya juya fasfon, ya dubi Nomau, ya jefa a aljihun mota.

A gonar akwai wani Lawali, mutumin Zermu, wanda ya daɗe a ƙasar yana aikin ban ruwa, ya iya Larabci, ya kuma iya mita. Da ya ji abin da aka yi sai ya ajiye kofin shayi.

"Kai ka ba shi? Bai ko tambaya ba?"

"Ai mai masaukina ne," in ji Nomau.

"Nan ba Zango ba ne, ɗan'uwa. Dokarsu ma ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci, tara ake cin su in an kai ƙara. Mu ƙwacewa aka yi. Kai ko ka kai da kanka."

"To ka ga ni ba a ƙwace mini ba."

Lawali ya ce lallai Gidimuni ta yi asarar waliyyi. Daga ranar yake kiransa baƙon Alhaji.

Shekarar farko ta wuce lafiya. Aka yi masa igama, katin zama mai ɗauke da sunan kafili da irin aikin da aka kawo shi yi, wato aikin gona. Itatuwan sun fi na gida yawa nesa ba kusa ba, a jere, kowanne da tiyon ruwansa. Nomau ya hau, ya aurar, ya yanka. Abu Salih ba mugu ba ne irin na labari. Ba ya duka, ba ya zagi, abinci ba ya yankewa. Mutum ne dai da ya gano ya samu mai hawan da ba a samu, ya kuma ƙudura ba zai sake shi ba.

Ana dab da yanka na biyu Kaltuma ta turo saƙon murya. Ta ce idon Baba ya fara rufewa daga gefe-gefe, har ya yi karo da turmi a tsakar gida. An kai shi likita a Damagaram, sun ce hawan jinin ido ne, an zo a makare, magani zai rage gudun abin amma wanda ya tafi ba ya dawowa. A ƙarshen saƙon aka ji muryar tsohon da kansa.

"Nomau, ka zo in nuna maka itatuwan nan tun ina gani."

Nan saƙon ya ƙare. Nomau ya saurari saƙon sau da yawa, hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin bai taɓa jin mahaifinsa ya roƙi wani abu ba.

Ya samu Abu Salih, Lawali yana fassara. Ya ce yana son ajiyarsa, zai je gida ya dawo. Abu Salih ya yi addu'a ga tsohon, ya ce bayan yanka in Allah ya so. Aka gama yanka, ya ce a bari a share itatuwa. Aka share, ya daina zuwa gonar sai jefi-jefi, in ya zo kuma waya na kunnensa.

Lawali ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce fasfon ma ba shi ne ƙofa ba. Ko yana hannunka ba ka fita ƙasar sai da bizar fita, ta zuwa da dawowa ko ta tafiya gaba ɗaya, kuma kafili ne ke buga ta daga wayarsa. An yi sabuwar doka da ta sassauta wa ma'aikatan kamfani, suna iya neman fita ko canjin aiki da kansu, amma ba ta haɗa da irinsu ba, masu aikin gonar mutum, da makiyaya, da direbobin gida, da 'yan aikin gida.

"Hanya biyu gare ka," in ji Lawali. "Ko mu je ofishin ƙwadago ka kai ƙara, su sa ya fito da fasfon, ka san kuma daga ranar kun ɓata. Ko ka danne zuciya kwantaragi ya ƙare, ka ce ba ka sabuntawa, a yi maka fita. 'Yan watanni ne."

"In kai ƙarar mai masaukina?"

"Kafilinka."

"Idon Baba ba zai kai 'yan watanni ba."

"To ka zaɓa."

Nomau bai zaɓi ko ɗaya ba. Yana da hanya ta uku, wadda ya koya a Zango. Can gaba da gonarsu, bayan wani fili mai yashi, akwai gonar wani dattijo da Abu Salih ke sumbatar goshinsa in sun haɗu a masallacin Juma'a. Nomau ya lura da haka tun tuni. Bai gaya wa Lawali ba, don ya san abin da zai ce. Sanyi ya fara ja baya, fure ya fara fitowa, wata safiya ya sa rigarsa mai kyau ya taka zuwa can.

Ya tarar da dattijon zaune a inuwa, ransa a ɓace. Mai hawansa ya faɗo ya karye, yana asibiti, furen matan kuwa ya tsattsage. Nomau ya gaishe shi da ɗan Larabcin da ya tsinta, ya fara jero maganar da ya shirya, amma idonsa na sama. Irin dabinon nan mai saurin fure ne, ya riga na gonarsu, kuma wasu har sun fara wuce lokaci. Bai ƙarasa maganar ba ya tuɓe rigar ya rataye, ya nemi igiya.

Ya yi niyyar hawa kaɗan ya koma. Amma wanda ya san aikin ba ya barin layi a rabi. Ya kwana can, ya sake kwana. Dattijon ya yi ta sa masa albarka, ya sa aka yanka masa kaza. Nomau bai karɓi ko sisi ba. A ransa abu biyu ya yi a tafiya ɗaya: ya ceci furen maƙwabci, ya kuma samu ƙafar da zai kama. Ya tabbata Abu Salih zai ji daɗi in ya ji baƙonsa ya fitar da shi kunya wurin babba.

Abu Salih ya zo gona bai gan shi ba. Aka ce ya fita da rigar Juma'a. Ya bi hanya da mota, ya hango shi a kan dabinon wani. Mutumin da ya yi watanni yana neman tafiya, ga shi yanzu a gonar da ba ta kafilinsa ba. Bai tsaya ba, ya juya.

Da Nomau ya dawo, Lawali ne ya tare shi a bakin ƙofa. Ya karɓi wayar Nomau ya duba saƙon da ya shigo.

"Ya buga maka hurub."

"Mene ne shi?"

"Ya shaida wa hukuma ka gudu daga aiki. Daga yanzu igamarka ba ta da amfani. Duk ɗan sandan da ya tsayar da kai, kamu ne."

"Ga ni nan kuwa. Ina na gudu?"

"A gonar wa ka kwana?"

"Fure ne ya buɗe, Lawali. Ban karɓi komai ba."

"Ba su tambaya ko ka karɓa. Bizarka ta gonar nan ce. Ka hau itacen wani, ka yi wa wani aiki, laifi ne a kanka da kan mai itacen."

Ana iya ƙalubalantar hurub in na ƙarya ne, Lawali ya san haka. Amma me Nomau zai ce, alhali duk wanda ya bi hanyar ya gan shi a sama? Suka koma wurin dattijon tare. Ya karɓe su a tsaye. Ya ce shi bai ɗauki kowa aiki ba, wani bawan Allah ne ya zo ya taimaka, bai ko san sunansa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma tsoron tara ne ya sa ya faɗe ta haka. Ya ce zai yi wa Abu Salih magana. Ko ya yi ko bai yi ba, ba a ga alama ba. Abu Salih ya aiko cewa kada Nomau ya sake kwana a gonarsa, kuma bai aiko da fasfon ba.

Hanyar gida da ta rage ita ce ta korarru. Lawali ya haɗa shi da mai motar kayan lambu zuwa Riyad, ya ba shi lambar wasu mutanen Damagaram da ke can. Da za su rabu bai tsokane shi ba, ya ce ya gaida Baba. A Riyad Nomau ya raɓa a ɗakin 'yan'uwa, ba ya fita sai zuwa ambasad, ofishin jakadancin ƙasarsu, inda ya bi layi da masu irin matsalarsa don a tabbatar shi ɗan Nijar ne, a yi masa takardar tafiya a madadin fasfo. Daga nan sai tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Aka ɗauki zanen yatsunsa, aka gaya masa an rufe masa shigowa ƙasar don aiki. Ya zauna jiran jirgi cikin mutane da yawa, ba itace ko ɗaya a wurin. Duk lokacin da ya samu waya ya kira gida, Kaltuma takan ce Baba da sauƙi, shi kuma ya san irin sauƙin.

Ranar da ya sauka Yamai, in aka duba, kwantaraginsa ma ya riga ya ƙare. Da ya zauna a gonar bai motsa ba, da wataƙila ya riga haka isowa, da fasfonsa a aljihu. Ya san da wannan, ba sai an gaya masa ba.

Da ya iso Damagaram ya kwana a Zango. Alhaji Abba ya saurari labarin duka, ya ce mutumin nan ba mai masauki ba ne, mai gona ne kawai. Nomau ya ce haka Lawali ma ya faɗa. Da safe ya shiga motar Gidimuni.

Malam Bashir yana zaune a ƙofar ɗakinsa, fuskarsa na kallon inda rana take, domin haske kaɗai ya rage masa. Ya gane sallamar. Ya kama hannun ɗansa ya shafa kantar da ke tafin, ya ce aiki dai an yi shi. Bai tambayi dalilin jinkiri ba.

Kashegari ya ce a kai shi kwari. Ya ɗora hannu a kafaɗar Nomau suka gangara. A garkarsu ba matsala, ƙafarsa ta san ko'ina. Na bakin hanya ma ya laluba ya samu biyu, masu garaken suka ce haka ne. Amma cikin shekarun nan an ta da shinge, an canza hanyoyin ruwa, an sare wasu itatuwa an dasa wasu. Tsofaffin da aka yi aron ƙasa da su yawanci sun rasu, 'ya'yansu ke riƙe da garaken. Suna fitowa su durƙusa su gaida shi, su yi masa sannu da jiki. In ya tsaya yana juya kai ya ce, "Akwai namu a nan, wajen gabas da rijiya," sai su ce, "To, Baba, wanne?" Wasu da gaske ba su sani ba. Wasu sun sani, suka yi shiru, kuma ba wanda zai iya rantsewa wane ne wane.

Rana ta yi sama, tsohon ya gaji, amma ya ce saura ɗaya, wanda ba zai ɓace masa ba. Ranar sunan Nomau ya dasa shi, a garkar wani amininsa da ya rasu, kusa da bakin tafki. Suka shiga. Ɗan mai garkar ya tsaya gefe da fartanya a hannu. Malam Bashir ya saki kafaɗar ɗansa, ya taka shi kaɗai, hannu a gaba, har ya ci karo da wani gindi. Ya rungume shi, ya shafa, fuskarsa ta saki.

"Ga shi nan. Wannan naka ne. Ka gan shi?"

Nomau ya ɗaga kai. Dabinon bai fi tsayin mutum biyu ba. Ko yaron goye a kwarin zai gaya maka bai kai shekarun babbar 'yarsa ba, balle nasa. A bayansa akwai dogaye da yawa, tsofaffi, masu kama da juna, kuma duk ya taɓa hawansu. Ya dubi ɗan mai garkar, shi kuma ya dubi fartanyarsa.

"Na gan shi, Baba," in ji Nomau.

"To ka riƙe shi da kyau."

Ya mayar da hannun tsohon kan kafaɗarsa, suka hau hanyar gida.

Nomau yana nan Gidimuni har yanzu, yana hawan dabino. Rabon da ake kawowa gidan ya ragu, sai daga waɗancan biyun na bakin hanya da wani mutum ɗaya mai tsoron Allah. Bai sake yin fasfo ba. In fure ya buɗe a garkar bakin tafki, shi ke aurar da dogayen nan duka, ba ya tsallake ko ɗaya, ɗan mai garkar kuma yana biyan shi ladan hawa kamar kowa.